Hukumar haraji ta nemi bayani kan kuɗin da muke biyan kamfanin ƙanen maigida a Dubai

Nasiru Akanta: Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ni ne nake riƙe da littattafan wani ƙaramin kamfani a Kano da ke shigo da baturan sola, kuma a makon jiya muka sami takarda daga hukumar tara haraji ta tarayya tana neman bayani kan shekarar 2023. Abu uku ta tambaya: alaƙarmu da kamfanin Dubai da muke sayen kaya a wurinsa, yadda ake yanke farashi tsakaninmu, da kuma dalilin naira miliyan 24 da muka biya shi da sunan kuɗin gudanarwa. An ba mu kwana 21. Cinikinmu na shekarar ya kai miliyan 420, kayan da muka saya daga Dubai kimanin miliyan 260 ne, ribar da muka nuna kuwa miliyan 6 kacal. Maigida yana da kashi 70 cikin ɗari na kamfanin Kano da kashi 40 na kamfanin Dubai, sauran kashi 60 ɗin na ƙanensa ne da ke zaune a can. Maigida ya ce in rubuta musu cewa kamfanonin biyu daban suke, kowa da rajistarsa, a wuce wurin. Ni dai hankalina bai kwanta da wannan amsa ba, shi ya sa na kawo maganar gabanku.

Alhaji Garba: Wa alaikumus salam. Malam Nasiru, idan ta banki kuka tura kuɗin, kuma kuna da Form M ɗinku, wato takardar shigo da kaya da ake cikewa ta banki, to ban ga abin tsoro ba. Ku haɗa takardun banki ku kai musu su ga cewa ba ta bayan fage dalar ta fita ba. Na yi shekaru ina shigo da kaya, kuma duk wanda ya taɓa tambayata hanyar kuɗi, takardar banki ce take rufe bakinsa.

Hajiya Binta: Alhaji, Allah ya ƙara girma, amma hanyar da kuɗin ya bi ba ita ce tambayar ba. Takardar banki tana nuna cewa an biya, ba ta nuna cewa abin da aka biya shi ne abin da ya kamata a biya. Abin da hukumar take son sani shi ne, da a ce kamfanin Dubai bare ne wanda babu jini ko hannun jari tsakaninsa da maigidan Malam Nasiru, shin kamfanin Kano zai yarda ya sayi batir a wannan farashi, kuma zai yarda ya biya miliyan 24 na gudanarwa? Dalilin zargin ma a fili yake. Kamfani mai cinikin da ya haura miliyan 100 yana biyan kashi 30 cikin ɗari na ribarsa a Najeriya, alhali a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa harajin kamfanoni bai fara aiki ba sai a watan Yunin 2023, kuma kashi 9 ne. Duk dalar da aka ƙara a kan farashin batir, riba ce da ta tashi daga inda ake cire kashi 30 ta koma inda ake cire kashi 9 ko ƙasa da haka, kuma aljihun gida ɗaya za ta faɗa.

Malam Nasiru, kada ka rubuta amsar da maigida ya ce. Ƙa'idojin farashi tsakanin kamfanoni masu alaƙa da FIRS, wato hukumar harajin tarayya, ta fitar a 2018, waɗanda suka maye gurbin na 2012, ba rajista suke dubawa ba. Suna duba ko ɗaya yana da ikon juya ɗayan ko yin tasiri a kansa a harkar kuɗi, ciniki ko gudanarwa, ko kuma akwai wani na uku da yake da wannan iko a kan dukansu. Mutumin da ke da kashi 70 a nan da kashi 40 a can, ga ƙanensa riƙe da sauran, babu yadda za a yi a ce ba shi da tasiri.

Sagir: Hajiya, ni a fiton kaya nake aiki a Apapa, kuma ina da ja a nan. Kashi 40 bai kai rabi ba, saboda haka ba shi ne mai kamfanin Dubai ba. Na biyu kuma, kwastan sun ga inbois ɗin, sun fitar da PAAR, wato takardarsu ta ƙimanta kaya kafin isowa, sun karɓi kuɗin fito a kan wannan farashi. Gwamnati ɗaya ce. Ta yaya hannun dama zai karɓi farashi, hannun hagu ya ce bai yarda ba?

Hajiya Binta: Malam Sagir, takardun kwastan suna da amfani, kuma lallai a haɗa su cikin amsar, domin su ne ke tabbatar da cewa kayan sun shigo da gaske, da yawansu da nau'insu. A nan ka yi daidai. Sai dai buƙatar hukumomin biyu ta saɓa. Kwastan suna tsoron a rage farashi don a biya fito kaɗan, saboda haka farashi mai tsada ba ya damunsu. Hukumar haraji kuma tana tsoron a kumbura farashi don riba ta ragu. Farashin da ya yi wa kwastan daɗi shi ne ainihin wanda zai sa ma'aikacin haraji ya ɗaga gira. Ƙa'idojin 2018 ma sun faɗa ƙarara cewa hukumar ba dole ba ne ta ɗauki ƙimar da aka yi amfani da ita a kwastan a matsayin farashin bare. Maganar rabi kuwa na riga na amsa ta: tasiri ake dubawa, ba sai hannun jari ya haura kashi 50 ba.

Barista Usman: Kafin a shiga lissafi, ina so a tsaya a kan wa'adi, domin a nan ƙananan kamfanoni suka fi cin duka. Malam Nasiru, idan ka haɗa miliyan 260 da miliyan 24 ka sami 284, wato kuna ƙasa da miliyan 300. Wanda jimillar mu'amalarsa da 'yan uwansa ba ta kai miliyan 300 ba, an ɗauke masa wajibcin shirya cikakken kundin bayanin farashi a kowace shekara. Amma idan hukumar ta nema, sai ya shirya ya miƙa cikin kwana 90. Wanda ya kai wannan adadi ko ya haura shi ne ake ba kwana 21, domin ana ɗauka kundin yana nan a ajiye tun kafin a tambaya. Ka sake karanta takardar da kyau. Idan kundin suke nema, ka rubuta musu tun yanzu ka nuna adadinku ka ce kwana 90 ne haƙƙinku. Idan kuma tambayoyi ne kawai da kwafin takardu, wa'adin da suka sa shi ne wa'adi, kuma idan ba zai ishe ku ba ku nemi ƙari a rubuce kafin ya cika, ba bayan ya cika ba. Tarar rashin miƙa kundin a kan lokaci ita ce miliyan 10 ko kashi ɗaya cikin ɗari na ƙimar mu'amalar, duk wanda ya fi yawa, sannan naira dubu 10 a kowace rana da aka ƙara.

Nasiru Akanta: Na gode, Barista. Na sake dubawa, dukansu biyu suka nema, amsoshin tambayoyi da kuma kundin. Amma akwai abin da ban faɗa ba saboda ban ɗauka yana da alaƙa ba. A tsakiyar shekarar kamfanin Dubai ya ranta mana kuɗin da ya kai miliyan 30 don mu fitar da kwantena biyu da suka maƙale a tashar jirgin ruwa, babu ruwa a kai, kuma mun mayar bayan wata biyar. Idan aka sa wannan, mun zama 314.

Barista Usman: To, ka ga inda gizo ke saƙar. A fahimtata, rance mu'amala ce tsakanin masu alaƙa ko da babu ruwa a kansa, kuma ma'aikacin da ke duba fayil ɗinku zai iya sa uwar kuɗin cikin jimilla ya ce kun haura. Ni da zan ba ku shawara, ku yi aiki kamar kwana 21 kuke da shi, ku nemi ƙarin lokaci a kan dalilin aiki, kada ku dogara da kwana 90 kaɗai.

Hajiya Binta: A nan ban bi Barista gaba ɗaya ba. Ni ina ganin akwai hujja mai ƙarfi cewa abin da ke shafar riba a rance shi ne ruwansa, kuma tunda ba a biya ko kwabo ba, babu abin da ya rage harajin Najeriya, hasali ma kamfanin Kano ne ya ci moriya. Na ga waɗanda ke sa uwar kuɗin a lissafin iyakar miliyan 300, na kuma ga waɗanda ba sa sawa. Inda muka haɗu da shi shi ne, a bayyana rancen a cikin amsar, kada a bari su tsinto shi da kansu a takardun banki, kuma a nemi ƙarin lokaci a wannan makon.

Yanzu bari mu koma kan batir. Malam Nasiru, ina buƙatar abu huɗu. Nawa kamfanin Dubai yake saye daga masana'anta, nawa yake sayar muku, shin kayan suna sauka a Dubai ko kai tsaye suke zuwa Legas, kuma shin yana sayar wa wani wanda ba ɗan uwa ba irin wannan batir ɗin?

Nasiru Akanta: Na kira ƙanen maigida ya turo mini takardu. Yana saye daga wata masana'anta a Sin a kan dala 200 kowane ɗaya, yana sayar mana a kan dala 230. A 2023 mun karɓi guda 1,750. Kayan ba sa sauka a Dubai, daga Sin ake loda su zuwa Apapa, inbois ne kawai yake fitowa daga Dubai. Yana da wani abokin ciniki a Accra da babu abin da ya haɗa su sai kasuwa, ya sayar masa da guda 300 na wannan samfurin a shekarar a kan dala 225. Bambancin shi ne mutumin Accra yana biya kafin a loda, mu kuma ana ɗaga mana ƙafa har kwana 90.

Hajiya Binta: Madalla. Inbois ɗin Accra ya fi duk wani dogon rubutu da za ku yi daraja, domin shi ne shaidar abin da bare ya biya wa kaya iri ɗaya, daga mai sayarwa ɗaya, a shekara ɗaya. Cikin hanyoyi biyar da ƙa'idojin suka amince da su, kwatanta farashi da farashi ita ce mafi kai tsaye, kuma yawancin kamfanoni ba sa samun damar amfani da ita saboda ba su da irin wannan takarda. Aikinku shi ne ku bayyana dala 5 da ke tsakanin 225 da 230. Dala 5 a kan 225 kusan kashi 2.2 cikin ɗari ne na wata uku, wanda a shekara ya kama kimanin kashi 9. Idan kamfanin Dubai yana da takardar bankinsa da ke nuna abin da shi ma yake biya idan ya ci bashin dala, kuma adadin yana kusa da wannan, to kun nuna cewa ƙarin kuɗin jira ne, ba riba ce aka karkatar ba.

Amma ku shirya wa tambaya biyu. Ta farko, wanda ya ɗauki 1,750 ai ya kamata ya fi wanda ya ɗauki 300 samun rangwame, to ina naku rangwamen? Ta biyu ta fi nauyi: tunda kayan ba sa ko taɓa Dubai, wane aiki kamfanin can yake yi da ya cancanci dala 30 a kan kowane batir? A nan sai kun nuna aiki na zahiri. Wa yake zuwa masana'anta ya duba kaya kafin a rufe kwantena, wa yake biyan masana'anta kuɗin gaba daga aljihunsa, kuma idan batura suka iso a mace, asarar wa ce?

Ga girman abin da ke kan teburi, don kada tsoro ya wuce kima. Idan suka ƙi dala 5 ɗin kawai, dala 8,750 ke nan, idan muka ɗauki dala a kan naira 650 ya zama kusan miliyan 5.7, harajinsa kimanin miliyan 1.7. Idan kuma suka ce kamfanin Dubai dillali ne kawai da bai cancanci fiye da kashi 5 ba, wato dala 210, bambancin dala 20 ne sau 1,750, dala 35,000, kusan miliyan 23, harajinsa ya doshi miliyan 7, ban da tara da ruwan jinkiri. Inbois ɗin Accra shi ne katangar da ke tsakaninku da wannan lissafi na biyu.

Ɗanlami: Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Ni riɗi nake fitarwa daga Dawanau, kuma ɗana ya buɗe kamfani a waje da yake karɓa yana sayarwa. Cinikina da shi bai kai miliyan 100 ba, saboda haka ban taɓa cike wata takarda a kan wannan ba, tunda na ji an ce wanda bai kai miliyan 300 ba babu ruwansa. Shin na yi daidai?

Aisha Odita: Baba, ba haka ba ne. Iyakar miliyan 300 kundin nan kaɗai ta shafa. Fom guda biyu kuwa suna kan kowa, ƙarami da babba. Akwai TP Declaration Form, wanda ake bayyana su wane ne 'yan uwan kamfani, ana kuma sabunta shi idan wani abu ya sauya a mallaka ko daraktoci. Sannan akwai TP Disclosure Form, wanda ake cikewa kowace shekara cikin wata shida bayan rufe lissafi, a jera mu'amalolin da aka yi da su. Naku ma ya bambanta da na Malam Nasiru, domin ku fitarwa kuke yi, kuma a kayan da ke da sanannen farashi a kasuwar duniya ana auna cinikinku da wannan farashi na ranar. Zai fi kyau ku buɗe wata tattaunawar daban don kada ta haɗu da wannan. Malam Nasiru, kai kuma tambayata ita ce, a fom ɗinku na 2023 kun sa miliyan 24 ɗin nan?

Nasiru Akanta: Malama Aisha, kin taɓo inda ke yi mini ciwo. Mun cike fom ɗin, amma kuɗin batura kaɗai na sa. Kuɗin gudanarwar yana cikin kashe-kashen ofis, rancen kuma ban sa shi ba sam. Laifina ne, ban ɗauke su a matsayin ciniki ba. Kuma gaskiya babu wata yarjejeniya a rubuce a kan miliyan 24 ɗin. Duk ƙarshen wata uku inbois yake zuwa da layi ɗaya, kuɗin gudanarwa, mu biya.

Alhaji Garba: Wannan ai mai sauƙi ce. Ku rubuta yarjejeniya yanzu, ku sa mata kwanan watan Janairun 2023, wa da ƙane su sa hannu. Ai ba ƙarya ba ce tunda da baki sun yi maganar.

Barista Usman: Alhaji, don Allah kada a yi haka. Takardar da aka rubuta yau aka sa mata kwanan baya ta fitar da maganar daga saɓanin lissafi ta kai ta ga ƙirƙirar takarda, kuma akantan da ya miƙa ta shi ma ya sa kansa ciki. Gano ta ma ba wuya: babu hatimin harajin takardu na wancan lokacin, oditocin shekarar ba su taɓa ganinta ba, babu wasiƙa ɗaya ta 2023 da ta ambace ta. Abin da ya halatta shi ne a rubuta takarda da kwanan watan yau, a ce ga abin da aka yi ittifaƙi a kai da baki, ga shaidun da ke nuna an yi aiki da shi. Nauyinta bai kai na yarjejeniyar asali ba, amma ba za ta jawo muku abin da ya fi haraji ba.

Hajiya Binta: Ko da yarjejeniyar tana nan tun farko, ba ita ce za ta ceci miliyan 24 ba. A kuɗin hidima tsakanin 'yan uwa, tambayar farko ita ce ko an yi hidimar da gaske kuma ta amfani wanda ya biya, ta yadda bare zai yarda ya biya wani ya yi masa ita ko ya ɗauki ma'aikaci don ita. Malam Nasiru, ka zauna da ƙanen maigida ya lissafa maka abin da ya yi muku a shekarar, ɗaya bayan ɗaya. Idan ya ce shi ne yake nemo masana'anta yana duba kaya, to an riga an biya shi wannan a cikin dala 30 da yake ɗorawa, kuma ba za ku kafa hujja da aiki ɗaya sau biyu ba, sau ɗaya don kare farashin batir, sau ɗaya don kare kuɗin gudanarwa. Idan ya ce yana duba lissafin kamfani yana ba yayansa shawara, wannan kulawar mai dukiya ce da dukiyar gidansu, ba a cajin kamfani a kanta. Abin da zai tsaya shi ne irin aikin da ke da sawu: injiniyan da ya zo Kano ya horar da masu haɗa muku sola, da tikitinsa da kwanakin da ya yi, ko manhajar lissafin kaya da suke biya ku kuna amfani da ita.

A ganina, rauninku yana nan, ba a batir ba. Idan aka soke kuɗin baki ɗaya, harajinsa miliyan 7.2 ne. Sannan akwai kashi 10 da ya kamata ku zaftare ku miƙa wa hukuma kafin ku biya kamfanin waje kuɗin gudanarwa, wato miliyan 2.4, da harajin VAT na kashi 7.5 da mai karɓar hidima daga waje yake lissafawa da kansa, miliyan 1.8. Kun yi waɗannan?

Nasiru Akanta: Ba mu zaftare komai ba, Hajiya. Cif muka biya.

Aisha Odita: To ga kuma tarar fom. Bayyanawar da ba daidai ba ita ma miliyan 10 ce ko kashi ɗaya cikin ɗari na abin da ba a bayyana daidai ba, wanda ya fi yawa. Kashi ɗaya na miliyan 24 dubu 240 ne kawai, amma tunda miliyan 10 ta fi, ita za a ɗauka. Wannan shi ne abin da ke ba ni takaici da tsarin: ga babban kamfani miliyan 10 ba komai ba ce, ga irin su Malam Nasiru ta fi ribar shekarar gaba ɗaya. Ni da zan ce a gyara fom ɗin a miƙa tare da amsar, a haɗa da wasiƙar neman sassauci da ke bayyana yadda kuskuren ya faru. Babu tabbacin za a sassauta, amma wanda ya kawo gyara da kansa ya fi wanda aka kama.

Sagir: Ni har yanzu ina ganin duk wannan ya faru ne saboda ribar ta yi ƙasa. Ku gaya musu gaskiya cewa faɗuwar naira ce ta cinye ta. Kowa ya san abin da ya faru a watan Yunin 2023.

Hajiya Binta: Wannan magana ce mai kyau, Malam Sagir, kuma dole ta shiga amsar, amma da lissafi, ba da baki ba. A tsakiyar Yunin 2023 dala ta tashi daga kusan naira 460 zuwa sama da 750 a kasuwar hukuma. Idan a lokacin ana bin kamfanin Kano dala 100,000 na kayan da aka shigar a littafi a kan 460 aka kuma biya a kan 750, asarar canji miliyan 29 ce a kan wannan bashi kaɗai. A ware ta a jadawali, inbois bayan inbois, da ranar shigarwa da ranar biya da farashin dala na kowace rana, don a ga cewa ba don ita ba da ribar ta kai miliyan 35. Sai dai takobi ne mai kaifi biyu. Jinkirin kwana 90 da kuke kafa hujja da shi don kare dala 5 shi ne ya jawo muku wannan asara, kuma za su iya tambaya ko bare zai yarda ya biya ƙarin kuɗi don jinkiri sannan ya ɗauki haɗarin canji shi kaɗai. Amsata ita ce masu shigo da kaya a Najeriya haka suke yi da kowa, a dala ake cin bashin kaya, amma ba zan ce amsar ta rufe ƙofa ba.

Barista Usman: Ƙari ɗaya a kan zaɓen hanya. Shari'ar farko da kotun ɗaukaka ƙara kan haraji ta yanke a wannan fanni ita ce ta Prime Plastichem da FIRS a 2020. Kamfanin yana shigo da kayan roba daga ɗan uwansa Vinmar Overseas, ya yi amfani da kwatanta farashi a 2013, ya koma kwatanta riba a 2014, kuma kotun ta tabbatar da ƙarin haraji na kimanin naira biliyan 1.7 a kansa. Abin da na ɗauka daga ciki shi ne nauyin kawo hujja yana kan mai biyan haraji, kuma sauya hanya daga shekara zuwa shekara ba tare da gamsasshen dalili ba yana raunana mutum. Idan kuka zaɓi inbois ɗin Accra a 2023, ku tabbata kuna da makamancinsa na shekarun da ke kusa, domin tambayar shekara ɗaya takan jawo ta maƙwabtanta. Idan kuma daga baya takardar ƙarin haraji ta zo, kwana 30 kuke da shi ku rubuta ƙin amincewa. Wanda ya bari suka wuce, adadin ya zauna masa.

Ɗanlami: Barista, ba an ce an yi sababbin dokokin haraji a 2025 har an sauya wa hukumar suna ba? Shin ba su shafe tsofaffin maganganu irin wannan ba?

Barista Usman: An yi, Alhaji Ɗanlami, kuma sun fara aiki daga Janairun 2026, hukumar ta koma NRS. Amma cinikin 2023 da dokar da ke aiki a 2023 ake auna shi, sauya suna ba ya yafe bashi.

Nasiru Akanta: Ga inda muka kwana. Na kai wasiƙar neman ƙarin lokaci ranar Laraba, an buga mini hatimin karɓa a kan kwafina. A cikinta mun amsa cewa kamfanonin suna da alaƙa, mun bayyana hannun jarin kowa, mun kuma ambaci rancen. Maigida ya yi faɗa da farko, amma da na ajiye masa lissafin Hajiya a gabansa ya yi shiru ya sa hannu. Na zauna da ƙanensa ta waya kusan awa biyu a kan miliyan 24. Abin da muka iya samo wa shaida shi ne zuwan injiniyoyi biyu Kano har sau biyu da kuɗin manhajar sito, jimillarsu ba ta wuce miliyan 9 ba. Sauran miliyan 15, shi da bakinsa ya ce rabonsa ne na wahala. Maigida yana so mu kare duka 24 mu bar su su rage da kansu, wai idan ka fara sallamawa ba ka san inda za a tsaya ba. Ni kuma ina ganin mu sallama 15 ɗin tun a amsar farko don a yarda da maganarmu a kan batir. Hajiya, Barista, wanne kuka gani?

Barista Usman: Ni ba zan rubuta kalmar sallamawa a amsar farko ba. Ku kawo shaidar miliyan 9, ku faɗi gaskiya cewa sauran babu takarda a kansa, ku tsaya a nan. Su za su yanke, ku kuma haƙƙinku na ƙin amincewa yana nan.

Hajiya Binta: Ni kuwa zan mayar da 15 ɗin cikin riba da kaina, in lissafa harajinsa miliyan 4.5, in haɗa da abin da ba a zaftare ba, in biya kafin a zauna, domin ruwan jinkiri yana ƙaruwa kullum kuma ba na ganin hanyar da kuɗin zai tsira. Amma aljihun maigida ne, shi zai zaɓa. Ko wanne kuka ɗauka, ka nemi ƙanensa ya turo takardar lodin jirgi ta kayan Accra da shaidar biyan kuɗinsu ta banki, kada ka tafi da inbois shi kaɗai, kuma ka dakatar da biyan kuɗin gudanarwa na wannan zangon har sai an rubuta abin da ake biya dominsa.